Kwana uku layinmu na kwance a kan 32

Ranar wata Litinin da daddare, ina zaune a ƙofar gidanmu a Kankiya ina jiran a kawo wuta in sa waya caji, sai ga saƙon malamin da ke duba furojet ɗinmu ya shigo gurup. Hoton jadawalinmu ne ya turo, ya zagaye tsakiyarsa da jan layi, ya rubuta a ƙasa: “Wato tun Laraba barci kuke yi ke nan?” Wallahi abin ya yi mini ciwo, don a waɗannan kwanakin babu wanda ya kwanta kafin ƙarfe ɗaya a cikinmu. Amma ban ga laifin Malam sosai ba. Abin da ya gani shi ne layi ya miƙe a kwance kamar tabarma, kuma kusan duk wanda ya fara ganin irin wannan, fassarar da zai yi ke nan.

Na rubuto ne saboda na san bana rukunoni da yawa a sashenmu an ce su riƙa kawo wannan jadawali duk mako, har na ji wasu a sashen kasuwanci da na gine-gine ma sun fara. Ra'ayina a taƙaice shi ne: idan layin ya kwanta a tsakiyar zango, galibi yana nufin an buɗe ayyuka da yawa ba a rufe ko ɗaya ba. Duk shugaban rukuni ko malamin da ya mayar da kwanciyar layi laifi, to ya sani ƙarya yake koya wa ɗalibansa. Bari in bi da ku yadda namu ya kasance, sai ku yi hukunci da kanku.

Yadda ake karanta shi

Ga wanda bai taɓa gani ba, abin ba wuya. A tsarin aikin da ake kira Scrum, wanda Ken Schwaber da Jeff Sutherland suka gabatar a wani taro a birnin Austin na Amurka a 1995, ana yanka babban aiki ne zango-zango. Kowane zango ba ya wuce wata ɗaya, yawancin mutane mako biyu suke yi. A kan allon manhaja za ku ga an rubuta masa `Sprint`. Farkon zango sai rukuni ya zauna ya zaɓi ayyukan da zai gama, a rubuta kowane aiki a kati ɗaya, a ba shi maki gwargwadon nauyinsa: ƙarami 3, matsakaici 5, babba 8. Makin nan ba awa ba ne, kwatance ne kawai, kamar a ce wannan kayan ya ninka wancan nauyi.

Jadawalin da muke magana a kai, wanda ke fitowa da sunan `Burndown Chart` a manhajoji irin su Jira, ni ina ce masa jadawalin ragowar aiki. Daga hagu zuwa dama kwanaki ne. Daga ƙasa zuwa sama makin da ya rage ba a gama ba. Layi biyu ne a ciki. Na farko miƙaƙƙe ne, yana gangarowa daga jimillar maki a ranar farko zuwa sifili a ranar ƙarshe. Wannan layin buri ne, babu rukunin da ke bin sa daidai. Na biyu shi ne na gaskiya, wanda ake ɗigawa kullum da yamma. Idan na gaskiya yana saman na buri, an yi baya. Idan yana ƙasa, an yi gaba.

Abu ɗaya ne ya kamata ku riƙe, kuma shi ne mabuɗin duk maganar nan: layin gaskiya ba ya motsi sai kati ya gama gamawa. Ba ya ƙirga gumi, ba ya ƙirga daren da aka raya, ba ya ƙirga datar da aka ƙona. Ku tuna tela ana saura mako ɗaya Sallah. Yana da ɗinki goma. Ya yanka duka goman, ya haɗa jikin shida, ya kai huɗu wajen mai aiki. Ka zo ka tambaye shi, “Saura nawa?” Amsar gaskiya ita ce saura goma, don babu ko ɗaya da mai shi zai iya sawa ya tafi Idi. Telan nan bai huta ba, amma da yana da jadawali, da layinsa na kwance.

Abin da muka ɗauko

Mu huɗu ne a rukuninmu. Kawuna yana da shagon taki da iri da maganin feshi a Kankiya, da wani ƙarami a Kusada da yaronsa ke kula da shi. Da damina yakan ba manoma taki bashi, su biya da kaka. Duk lissafin a manyan littattafai biyu yake, kuma duk shekara sai an yi jayayya a kan wani shafi da ruwa ya taɓa ko wani suna da aka rubuta sau biyu. Sai muka ce furojet ɗinmu shi ne mu yi masa manhajar rubuta bashin. Muka tare a Kankiya lokacin hutu don mu kasance kusa da shagon.

Zangon farko kwana goma ne na aiki, daga Litinin zuwa Juma'a sau biyu. Muka ɗauki kati takwas: shiga manhaja da kalmar sirri (3), rajistar manomi (5), rubuta bashi (8), buga rasit (8), rubuta biya (5), rahoton shagon Kusada (5), neman manomi da lambar waya (3), da adana kwafin bayanai (3). Jimilla 40. Maki 40 a kwana 10, wato layin buri yana sauka da 4 kullum.

Ba mu yi amfani da wata manhaja mai tsada ba. A Excel muka jera katunan, maki a layin B, matsayin kati a layin C, kullum da yamma wannan ya ba mu ragowar:

```
=SUMIF(C2:C9,"<>Done",B2:B9)
```

Mun kuma yi yarjejeniya tun ranar farko a kan ma'anar “an gama”. Kati ba zai shiga `Done` ba sai wani da ba shi ya rubuta ba ya gwada shi, a kan tsohuwar kwamfutar shagon, da sunaye da adadi na gaske daga littafin Kawu. Ga yadda lambobin suka tafi:

| Rana | Layin buri | Layin gaskiya |
|---|---|---|
| Farawa | 40 | 40 |
| 1 | 36 | 40 |
| 2 | 32 | 37 |
| 3 | 28 | 32 |
| 4 | 24 | 32 |
| 5 | 20 | 32 |
| 6 | 16 | 32 |
| 7 | 12 | 26 |
| 8 | 8 | 18 |
| 9 | 4 | 13 |
| 10 | 0 | 8 |

Ku dubi rana ta 4 da ta 5 da ta 6. Alhamis, Juma'a, Litinin. A daren da Malam ya turo saƙonsa, ya kamata a ce saura 16, mu kuwa muna da 32, ninki biyu cif.

Jarrabawar da ta fi ta aji

Cikin minti goma da saƙon, shugaban rukuninmu ya kira ni. Mutumin kirki ne, amma tsoron maki ya kama shi. Ya ce, “Kai, kati uku ai an gama rubuta su, gwaji kawai ya rage. Mu ja su zuwa `Done` yanzu, layin ya sauko 18, da safe mu tura wa Malam sabon hoto. Gwajin ma yi daga baya.” Lissafinsa daidai ne: rubuta bashi 8, nema da lambar waya 3, adana kwafi 3, sun tashi 14, a cire daga 32 saura 18. Da layin ya dawo dab da na buri, Malam ya yi shiru, kowa ya yi barci.

Ba zan yi muku ƙarya ba, na kusa yarda. Wadda ta hana mu ita ce mace ɗaya da ke cikinmu. Ta rubuto a gurup cewa, “Ni dai ba da ni ba. In mun ja su, wa zai tuna ba a gwada ba? Mu haɗu da safe mu duba kowane kati ɗaya bayan ɗaya.” Haka aka yi. Safiyar Talata muka zauna a barandar shagon, muka ajiye jadawalin gefe, muka buɗe allon katunan. Tambaya biyu muka yi wa kowane kati: tun yaushe kake nan, kuma wa kake jira?

Abin da muka gani ya ba mu kunya. Katunan da suka rage shida ne, kuma duka shidan a buɗe suke, alhali mu huɗu ne. Ruwa ba ya tsami banza.

Uku daga ciki, waɗancan masu maki 14, suna jiran gwaji, kuma ni suke jira. Ni aka ɗora wa gwaji saboda ni ne mai shiga shagon ba sallama. Amma ni kuma na ɗauki katin rahoton Kusada ina ta fama da shi, kullum ina cewa bari in kai wani wuri tukuna. Su kuma abokaina, duk wanda ya gama rubuta nasa sai ya ajiye mini ya buɗe sabo, don kada a ce yana zaune. Kowa na aiki, layi na kwance. Taura biyu ba ta taunuwa, mu kuwa shida muka cusa.

Na huɗu, katin rubuta biya, tun Alhamis ya tsaya a kan tambaya ɗaya. Manoma da yawa ba da kuɗi suke biya ba, da buhun masara ko gero ko dawa suke zuwa. To da wane farashi manhaja za ta lissafa buhun? Wanda ke riƙe da katin ya ji nauyin tambayar Kawu, sai ya yi ta gyara launin maɓallai yana jiran “lokacin da ya dace”. A taronmu na kullum kuma sai ya ce, “Ina kai.” Ba ƙarya ya yi ba, yana kai ɗin, amma ba ya gaba.

Na biyar, katin buga rasit, yana jiran ƙaramar firinta da ke shagon Kusada. An ce za a aiko da ita, mai kawowa ya manta, aka ce gobe, goben ta zama jibi. Na shida ne kaɗai, wato nawa, ake aikinsa da gaske.

To ku lissafa. A cikin maki 32 da suka kwanta, 14 layin gwaji suke bi, 13 suna jiran wani abu daga waje, 5 kacal ke hannun mai aiki. Babu ko maki ɗaya da lalaci ya riƙe.

Rabin buhu

A ranar muka yanke cewa babu wanda zai ƙara buɗe komai. Na ajiye rahotona, mu biyu muka zauna gwaji. Ƙananan katunan biyu suka wuce lafiya, layin ya sauko 26. Da muka zo kan rubuta bashi, sai na buɗe littafin Kawu na ɗauko layin farko da idona ya faɗa a kai: wani manomi ya karɓi taki buhu biyu da rabi. Na shigar da 2.5. Manhaja ta karɓa ba gardama, ta nuna buhu 2, ta lissafa kuɗin buhu 2. Da muka bi sawu sai muka tarar da wannan a cikin aikin:

```php
$buhu = intval($_POST['buhu']);
```

A PHP, `intval("2.5")` 2 yake bayarwa, ya yar da rabin ba tare da ya ce uffan ba. Wanda ya rubuta bai yi ganganci ba, shi dai a ransa buhu ɗaya ne, biyu, uku. Ni kuwa da na taso a shagon na san ƙaramin manomi sau da yawa rabin buhu yake iya ɗauka, wani ma a tiya ake auna masa.

Yanzu ku yi tunanin da mun bi shawarar daren Litinin. Katin yana `Done`, babu mai waiwayarsa, don hankali ya koma kan abin da ya rage. Manhaja ta shiga shago. Duk wanda ya karɓi rabi, rabin ya ɓace daga lissafi. Wanda ya karɓi rabin buhu kaɗai, bashinsa sifili. Sai kaka ta yi, Kawu ya ga taki ya fita amma kuɗi bai dawo ba, ya fara zargin yaron shagonsa na Kusada, bawan Allah da bai ci ba bai sha ba. Wannan shi ne farashin layi mai kyau da muka kusa saya. Gyaran bai ɗauke mu awa biyu ba, washegari muka sake gwadawa, layin ya sauko 18.

Tambayar farashin hatsi kuwa, ni na je na durƙusa na yi ta. Na ce, “Kawu, in mutum ya kawo masara a madadin kuɗi, da wane farashi ake yi masa lissafi?” Ya dube ni ya ce, “Farashin kasuwa na ranar da ya kawo mana. Wannan ne ya tsayar da ku? Ai da kun tambaya tun tuni.” Maganar da ba ta kai minti biyar ba ta riƙe maki 5 tun daga Alhamis har Talata. Aka ƙara gurbin da mai shago zai rubuta farashin ranar, katin ya fita a rana ta 9. Nawa ya fita a ta 10.

Firinta ba ta iso ba sai ranar Alhamis ta biyu, ta kuma ƙi magana da kwamfutar shagon. Muka rufe zango da maki 8 a hannu. Ba mu taɓa sifili ba. Muka rubuta wa Malam gaskiyar abin da ya faru, muka mayar da katin rasit cikin jerin ayyukan da ke jira. Haka ma littafin jagoran Scrum na 2020 ya tanada: aikin da bai cika sharaɗin gamawa ba, ba a nuna shi a matsayin gamamme, komawa yake yi cikin jerin.

Sauran dalilan da ke kwantar da layi

Namu cunkoso ne da jira, kuma a ɗan abin da na gani su suka fi yawa. Amma akwai wasu guda biyu da ya kamata ku iya bambancewa, don maganinsu daban ne.

Na farko shi ne ƙarin aiki a tsakiyar zango. Wannan ya same mu a zango na biyu. A rana ɗaya muka gama kati mai maki 5, a ranar kuma Kawu ya ce yana son manhaja ta riƙa fitar da jerin waɗanda ba su biya ba ƙauye-ƙauye, muka sa masa maki 5 muka jefa a ciki. An cire 5, an ƙara 5, layi bai motsa ba. Wanda ke kallon jadawali kawai zai rantse ba a yi komai ba ranar. Yadda ake gane wannan shi ne a duba jimillar makin zango: in an fara da 40 yanzu ta zama 45, to ga amsar nan. Shi ya sa yanzu nake rubuta jimillar a gefe kullum. Maganinsa kuma magana ce da mai aikin: “Kawu, in wannan zai shiga, wanne za mu cire?”

Na biyu shi ne an gama aikin amma ba a taɓa allon ba. Mu nan mun san yadda take: babu wuta, data ta ƙare, sabis ya ɗauke, mutum ya ce sai Juma'a zai sabunta gaba ɗaya. Alamarsa ita ce layi ya kwanta kwanaki sannan ya faɗo rana ɗaya kamar an tunkuɗo shi daga kan katanga, kuma hakan na maimaituwa duk ranar da za a nuna wa Malam. Irin wannan jadawali ba ya gaya wa kowa komai, ado ne. Gara a manna katunan takarda a bango, a riƙa ɗiga layin da biro kullum, da a ce ana da manhaja ta zamani da ba a buɗewa.

Sai ƙaramin abu: in kun sa Asabar da Lahadi a jadawali alhali ba kwa aiki a cikinsu, dole layi ya kwanta. Ku cire su. Haka kuma in katunanku takwas ne kacal kamar namu, layin matakala zai yi, ba gangara ba. Kwanciyar kwana ɗaya ko biyu ba komai ba ce. Ni ma'aunina a zangon kwana goma shi ne kwana uku. In ya kai haka, a daina kallon layi, a buɗe katuna.

Abin da za a ce mini

Na san wani zai ce, “Malam, kana kare malalata ne kawai. Mu mun ga rukunin da layinsu ya kwanta don ba sa yin komai.” Gaskiya ne, akwai su, kuma kowa ya san ɗan rukunin da ba a ganinsa sai ranar difens ya zo da sabuwar shadda. Amma jadawalin ba zai iya nuna maka shi ba. Layin rukunin da ke barci da layin rukunin da ke kashe kansa a kan kati shida iri ɗaya ne sak. Abin da ke raba su yana kan allon katuna. In katuna na tsaye a `To Do` babu wanda ya taɓa su, to ba a aiki. In sun taru a `In Progress` ko wajen gwaji, ana aiki, fita ce ta gagara. Masu ajiye aikinsu a Git ma suna iya dubawa cikin daƙiƙa:

```
git log --since="4 days ago" --oneline
```

In ya fito fayau, a yi faɗa. In ya fito da jeri, a nemi inda ya toshe. Dubawar ba ta kai minti biyu ba, kuma ta fi zargi arha.

Wani kuma zai ce, “To me ya sa ba za a ba da rabin maki ba? Katin 8 in an yi kashi 90 cikin 100, a cire 7 mana, layin ya nuna ƙoƙari.” Wannan ita ce shawarar da ta fi daɗin ji, kuma ita ta fi haɗari. Katinmu na rubuta bashi ai “saura kaɗan” yake tun ranar Juma'a, kuma a cikin wannan kaɗan ɗin rabin buhu ya ɓuya. Kashi 90 ɗin da mutum ke faɗa ji ne a ransa, babu wanda ya auna. In aka fara cire maki da ji, layin zai gangaro sumul har ya kusa ƙasa, sannan ya maƙale a can a kwana biyun ƙarshe, lokacin da babu sauran damar gyara. Gara ya kwanta a rana ta 5 kowa ya gani. Maganin babban kati shi ne a tsaga shi tun farko. Da mun raba rubuta bashi gida biyu, shigar da bashi daban, gyara ko soke shi daban, da an gwada na farkon tun Alhamis.

Roƙona ga malamai da shugabannin rukuni

Malamanmu, don Allah kada a sa maki a kan kyan layi. Ranar da ɗalibi ya gane cewa layi mai gangara shi ke kawo A, daga ranar jadawalin ya daina faɗin gaskiya, domin jan kati zuwa `Done` ya fi gama shi sauƙi nesa ba kusa ba. Su kansu masu Scrum, a jagoran nan nasu, sun ambaci irin wannan jadawali ne a matsayin abin hasashe mai amfani, suka kuma ja kunne cewa ba ya maye gurbin duba abin da ke faruwa a zahiri. In an ga layi ya kwanta, tambayar da za ta taimake mu ita ce, “Wane kati ne ya fi daɗewa a buɗe, kuma me yake jira?” Rukunin da ya iya amsa wannan da suna da rana, ya fahimci aikinsa, ko da layinsa bai kai ƙasa ba. In yi adalci, malaminmu da ya karanta bayaninmu bai rage mana komai ba, har ya ce mu sa labarin rabin buhun a babi na huɗu.

Ku kuma 'yan'uwana masu riƙe da rukuni, abu uku na koya, kuma duka daga kwana ukun nan suka fito. Kada katunan da ke buɗe su fi yawan mutanenku. Mu a zango na biyu mun tsayar da uku ga mutum huɗu, don a samu mai hannu sake da zai yi gwaji. Wanda ya gama rubuta nasa, ya je ya gwada na wani kafin ya ɗauki sabo. Sannan a taron safe na minti 15, a daina karɓar “ina kai”. A tambayi mutum me zai hana katinsa fita yau. In amsar ita ce yana jin nauyin tambayar wani babba, a samu mai raka shi, a je a durƙusa a tambaya.

Manhajar tana shagon Kankiya yanzu, Kawu yana amfani da ita, ko da yake bai yar da littafinsa ba, kuma ban ga laifinsa ba. Ranar da na koma hutu na tarar da shi yana shigar da bashin wani dattijo. Na leƙa allon, na ga an rubuta buhu 1.5, kuɗin kuma ya fito daidai.